Gini a Kan Laka Mai Laushi: Danni da Magudanan Tsaye, Ko Ginshiƙan Tsakuwa?

Laka mai laushi ƙasa ce da ruwa ya kwantar a bakin teku, a mashigar koguna da kuma cikin fadamu, ta taru a hankali a tsawon dubban shekaru ba tare da wani nauyi ya taɓa danne ta ba. Ƙwayoyinta sun fi garin fulawa laushi, kuma sau da yawa ruwan da ke tsakaninsu ya kai rabin jikinta ko ya fi. Irin wannan ƙasa ce ke ƙarƙashin birnin Bankok na Tailan, da gaɓar Singafo, da sassa masu yawa na Legas da yankin Neja Delta. Ta bambanta da baƙar ƙasar nan ta yankin Tafkin Cadi mai kumbura da damina ta tsattsage da rani. Waccan matsalarta shiga da fitar damshi, magani kuma daban. Laka mai laushi kullum a jiƙe take, kuma aibinta biyu ne: tana lotsawa idan an ɗora mata nauyi, tana kuma iya zamewa ta kifar da abin da aka ɗora idan nauyin ya zo da sauri.

Injiniya yana iya tsallake lakar gaba ɗaya, ya kafa turakun kankare har zuwa ƙasa mai ƙarfi. Wannan ya dace da gada ko bene mai hawa da yawa. Amma titi, layin dogo, filin jirgin sama da farfajiyar tashar jiragen ruwa suna cin hekta ɗaruruwa, kuma kafa turaku a duk faɗin nan tsada ce da ba kowace gwamnati za ta iya ba. Saboda haka ake gyara ƙasar kanta. Hanyoyi biyu suka fi yaɗuwa. Ta farko ita ce a danne lakar da tulin ƙasa tun kafin gini, a soka mata magudanan ruwa a tsaye domin ta tsane da wuri. Ta biyu ita ce a dasa ginshiƙan tsakuwa a cikinta domin su taya ta ɗaukar kaya.

Abin da ke sa laka ta lotsa

Idan aka zuba ciko a kan laka, ruwan da ke cikinta ne ke fara ɗaukar nauyin, domin ba shi da hanyar gudu nan take. Matsinsa sai ya tashi. Daga nan yana tsiyayewa kaɗan-kaɗan zuwa inda ya sami mafita, nauyin yana komawa kan ƙwayoyin ƙasar, su kuma suna matsowa kusa da juna. Wannan matsowar ita ce lotsawar da ake gani a sama. Mai yin awara ta san abin: takan ƙulle ƙullun a ƙyalle ta ɗora dutse, ruwa ya fita, abin da ya rage ya ƙanƙance ya kuma yi tauri. Haka laka take, sai dai ita takan ɗauki shekaru. Muhimmin abu shi ne lakar da ta tsane ta fi ƙarfi, kuma idan aka ɗauke nauyin ba ta komawa yadda take sai ɗan kaɗan.

Karl Terzaghi, injiniyan da ake ɗauka a matsayin uban ilimin ƙasar gini, shi ya fitar da lissafin wannan al'amari a littafinsa na 1925. Abin da lissafin ya nuna shi ne lokacin tsanewa ya dogara da nisan da ruwa zai yi kafin ya fita, kuma dogaron ba na ɗaya bisa ɗaya ba ne. Idan nisan ya ninka sau biyu, lokacin yana ninkawa sau huɗu. Idan aka rage nisan zuwa kashi ɗaya cikin goma, lokacin yana komawa kashi ɗaya cikin ɗari. Dukkan dabarar magudanan tsaye a kan wannan ƙa'ida ta ginu.

Ga misalin da za a auna hanyoyin biyu a kansa. Alƙalumansa na lissafi ne, amma suna cikin abin da aka saba samu a irin wannan ƙasa. Ana son shimfiɗa titi a kan ciko mai kaurin mita 3. A ƙarƙashi akwai laka mai zurfin mita 10, bayanta kuma yashi. Cikon zai ɗora kimanin tan 6 a kan kowace murabba'in mita, wato kilofaskal 60 a ma'aunin injiniyoyi. Gwajin da aka yi wa samfurin lakar ya nuna za ta lotsa da santimita 60 a ƙarshe. Ruwan da ke tsakiyar lakar sai ya yi tafiyar mita 5, sama ko ƙasa, kafin ya fita, kuma a lakar da ruwa ke ratsa ta da ƙyar, kashi 90 cikin ɗari na lotsawar zai ɗauki kimanin shekara 21. Idan aka zuba kwalta ba tare da gyara ba, titin zai yi ta sauka shekara da shekaru. Inda ya haɗu da gada abin ya fi muni, domin gadar tana kan turaku ba ta motsi, sai a sami wani tsalle a bakinta da ke karya sifirin mota.

Danni da magudanan tsaye

Tunanin danni mai sauƙi ne. Tun da lakar dole ta lotsa, gara ta gama lotsawarta kafin a ɗora kwalta. Ana zuba cikon da titin ke buƙata, a ƙara wani a kai, a jira, sannan a kwashe ƙarin. Magudanan su ne ke rage jiran. A Amurka aka fara da ramukan yashi: Daniel Moran ya yi rajistar dabarar a 1926, aka yi aiki da ita a Kalifoniya a shekarun 1930. A ƙarshen waɗannan shekaru Walter Kjellman na Suwidin ya ƙera magudana ta kwali. Wadda ake amfani da ita yau jikarta ce: wani falle ne na roba mai faɗin santimita 10 da kaurin milimita 3 zuwa 5, cikinsa da ƙananan kwarkwaro da ruwa ke bi, an lulluɓe shi da ƙyallen tacewa mai barin ruwa ya shiga ya hana laka. A naɗe yake zuwa kamar tef.

Aikin yana tafiya a kan tsari. Da farko ana shimfiɗa yashi mai kaurin kimanin rabin mita a duk filin, wanda zai ɗauki injina kuma ya zama hanyar da ruwan zai bi zuwa kwatar gefe. Sai injin mai doguwar hasumiya ya zo da bututun ƙarfe, fallen robar yana cikinsa, an maƙala masa ɗan farantin ƙarfe a baki. Injin yana tura bututun har ƙasan lakar, ya zaro shi, farantin ya riƙe fallen a can ƙasa, ma'aikaci ya yanke shi a sama ya bar ɗan tsawo a cikin yashi. Soka ɗaya ba ta kai minti guda a zurfin mita 10, shi ya sa inji ɗaya ke iya soka dubban mitoci a yini.

A misalin titin, idan aka jera magudanan mita 1.2 tsakani, hekta guda za ta ci kimanin 8,000, wato kilomita 80 na falle. Ruwan da dā zai yi mita 5 yanzu santimita 60 kawai zai yi a kwance ya tarar da magudana. Ƙari a kan haka, laka ta fi barin ruwa ya ratsa ta a kwance, saboda hawa-hawa ta kwanta kuma akwai siraran layukan yashi a tsakani. A takarda, shekara 21 ta koma wata 6. A fili kuwa bututun ƙarfen yana dagula lakar da ke kewaye da shi yayin shiga, ya shafe waɗannan layukan, ya bar wani zobe da ruwa ke ratsawa da wahala. Idan aka sa wannan a lissafi, lokacin ya zama kamar wata 9. Tazara kuma tana da tasiri ƙwarai: da an buɗe ta zuwa mita 2 domin a rage kuɗi, jiran zai kai kusan shekara biyu da rabi. Matse ta ƙasa da mita guda kuma ba ya ƙara wani amfani sosai, domin dagulallun zoben sai su haɗe da juna.

Magudanan ba sa rage lotsawa ko da santimita ɗaya. Santimita 60 ɗin nan tana nan, an dai jawo ta ta faru da wuri. Haka kuma ba sa ɗaukar kaya, domin robar ba ta da wani ƙarfi. Ƙarfin da ƙasar za ta samu daga tsanewa yake zuwa, kuma nan ne haɗarin hanyar yake.

Ana auna ƙarfin laka da wani sanda mai fukafukai huɗu da ake sokawa a murɗa har lakar ta yanke. A ce na wannan wuri ya nuna kilofaskal 20. Laka mai wannan ƙarfi za ta zame idan ciko ya kai kimanin mita 5 a lokaci guda, kuma injiniya mai hankali ba zai wuce mita 3 da ɗan kai ba, domin ya bar wa kansa rata. Amma danni yana son mita 3 na titi da ƙarin mita 1.5. Mafita ita ce a zuba hawa-hawa. Ana zuba mita 3, a dakata wata 5. A lokacin lakar ta lotsa da santimita 40 da wani abu, ƙarfinta ya tashi zuwa kusan kilofaskal 30, sai a ƙara mita 1.5 cikin kwanciyar hankali. Bayan wasu watanni lotsawar ta wuce santimita 60, a kwashe ƙarin, a daidaita, a zuba kwalta. Idan aka haɗa da lokacin zuba ƙasar, aikin ya ci kusan shekara guda.

Ba da kalanda ake yanke ranar kwashewa ba, da awo ake yi. Ana binne faranti a ƙarƙashin cikon da sanda a tsaye, mai safiyo yana duba saukarsa kowane mako. Ana binne ma'aunin matsin ruwa a cikin lakar, ana kuma kafa bututu a gindin cikon mai nuna ko ƙasa tana turowa gefe. Wani malami ɗan Japan, Akira Asaoka, ya fitar da hanya a 1978 ta yin amfani da jerin awon farantin a hango inda lotsawar za ta tsaya, kuma har yau da ita ake aiki. Alamun haɗari sanannu ne: tsagewa mai bin tsawon cikon a sama, ƙasa tana kumburowa a gindinsa, ko matsin ruwa ya yi tsalle ya ƙi sauka. Da an ga ɗaya daga ciki sai a tsayar da tifofi. Idan kuma matsin ruwan yana sauka a hankali fiye da lissafi, mai yiwuwa yashin shimfiɗa ya toshe, ko fallayen sun lanƙwashe sun shaƙe yayin da lakar ke matsewa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne na ɗan kwangilar da wa'adi ya ƙure masa ya kwashe danni kafin lokaci. Ragowar lotsawar takan bayyana bayan an buɗe titin.

Inda lakar ta yi rauni da yawa, ko ƙasar ciko ta yi nisa, akwai wata dabarar da Kjellman ya kawo a 1952. Ana rufe filin da leda mai kauri, a binne bakinta a kwata, a sa famfo ya zuƙe iskar da ke ƙarƙashi. Nauyin iskar duniya sai ya danne ledar da kimanin kilofaskal 80, daidai da cikon mita 4, kuma ba ya tura lakar waje balle ta zame. Sai dai idan akwai layin yashi da ya ratsa lakar ya fita gefe, iska za ta shigo ta nan aikin ya lalace, kuma famfunan suna son wuta dare da rana tsawon watanni.

Da danni da magudanan roba aka gyara filin jirgin saman Suvarnabhumi na Bankok, wanda aka buɗe a 2006. Filin jirgin saman Kansai na Japan kuwa shi ya nuna iyakar hanyar. An gina shi a kan tsibirin da aka cike a tekun Osaka, aka buɗe shi a 1994. An soka ramukan yashi kimanin miliyan guda a lakar sama mai kaurin kusan mita 20, kuma wannan lakar ta gama lotsawa tun ana cikin aiki, kamar yadda aka tsara. Amma a ƙarƙashinta akwai tsohuwar laka mai zurfin ɗaruruwan mitoci da magudana ba ta kai gare ta ba, ita kuma ta ci gaba da matsewa. Jimillar saukar tsibirin ta haura mita 12, kuma ginshiƙan babban ginin fasinjoji an yi su ne yadda za a riƙa ɗaga su da jak ana daidaitawa. Magudana tana aiki ne iyakar inda ta kai.

Ginshiƙan tsakuwa

Wannan hanya daga Jamus ta fito. A shekarun 1930 kamfanin Keller ya fara aiki da wani dogon injin girgiza domin matse yashi a ƙarƙashin ƙasa. Girgiza ba ta matse laka, saboda haka daga shekarun 1950 aka koma amfani da injin wajen huda rami a cika shi da tsakuwa. Injin bututun ƙarfe ne mai kaurin santimita 30 zuwa 45, a cikinsa akwai wani nauyi da ke juyawa a karkace yana kaɗa shi. Ana rataye shi a ƙugiya, ya nutse da nauyinsa da girgizarsa har zurfin da ake so. Sai a zuba tsakuwa, a ɗaga injin kamar rabin mita zuwa mita guda, a sake tura shi cikin tsakuwar ya daka ta ya tura ta gefe. Haka ake yi mataki-mataki har sama. Abin da ake samu ginshiƙi ne mai faɗin santimita 60 zuwa mita guda ko ɗan fiye, babu siminti a cikinsa.

Zuba tsakuwar iri biyu ne. A jiƙaƙƙiyar hanya ruwa mai ƙarfi yana fita ta bakin injin yana riƙe ramin a buɗe, ana zuba tsakuwa daga sama. Tana son ruwa mai yawa, tana kuma fitar da taɓo da sai an haƙa masa kududdufi. A busasshiyar hanya tsakuwar tana bi ta wani bututu a jikin injin ta fita a bakinsa a can ƙasa, ramin ba ya zama a buɗe ko kaɗan. Wannan ta fi dacewa da laka mai rauni da wuraren da ke cikin gari.

Ginshiƙin yana yin aiki uku. Da yake ya fi laka tauri, nauyi yana taruwa a kansa, har kowace murabba'in mita tasa ta ɗauki ninki 2 zuwa 5 na abin da lakar gefensa ke ɗauka. Yana tare zamewa, domin duk layin da ƙasa za ta yanke a kai sai ya ratsa tsakuwa. Sannan shi kansa magudana ce babba. Domin nauyin ya rarrabu daidai, ana shimfiɗa dakakkiyar tsakuwa a kan kawunan ginshiƙan kafin ciko.

A titin misali, a ce an dasa ginshiƙai masu faɗin santimita 80, mita 2 tsakani, har zuwa yashin ƙasa. Za su maye kimanin kashi 15 cikin ɗari na filin. Hekta guda za ta ci ginshiƙi kusan 2,900 da tsakuwa kubik mita 14,500, wato lodin tifa 1,450 idan kowace tana ɗaukar 10. Hanyoyin lissafi sun ɗan bambanta, mafi shahara ita ce ta Heinz Priebe ta 1995, amma amsar tana faɗawa tsakanin santimita 35 da 40 a maimakon 60. Mafi yawan wannan zai faru cikin wata 2 zuwa 5, wato tun ana zuba cikon, kuma ana iya kai cikon mita 3 ba tare da dogon jira ba. Idan aka matse tazarar zuwa mita 1.5, lotsawar ta sauka zuwa santimita 25 ko 30 da ɗoriya, amma tsakuwar ta haura kubik mita 25,000. Ginshiƙai suna rage lotsawa, galibi zuwa rabi ko sulusi, ba sa kawar da ita.

Raunin ginshiƙin a fili yake. Tsakuwa ce zube, abin da ke riƙe ta a tsaye shi ne lakar da ta kewaye ta. Idan aka ɗora masa kaya sai ya so ya buɗe ciki, musamman a sama, daga kansa zuwa zurfin da bai wuce ninki huɗu na faɗinsa ba, inda lakar ba ta da nauyi a kanta. Saboda haka aka daɗe da ƙa'idar cewa lakar da ƙarfinta bai kai kilofaskal 15 ba ba ta dace da ginshiƙi tsirara ba. Lakar misalin, mai 20, ta tsallake da ƙyar. Haka kuma idan akwai layin ruɓaɓɓen ciyayi mai kauri a tsakiya, tsakuwar za ta watse a cikinsa. Maganin da aka samu shi ne a sa ginshiƙin cikin rigar ƙyallen roba mai ƙarfi. Da irin wannan aka gina madatsar da ta kewaye wurin da aka cike a kogin Elbe a Hambug, domin faɗaɗa masana'antar jiragen Airbus, a 2001 da 2002. An dasa kusan 60,000 a taɓon da mutum ba zai iya tsayawa a kansa ba.

Da yake ginshiƙin a binne yake, ana gane ingancinsa ta hanyar rubutun injin. Na'urar tana rubuta zurfi, da wutar da injin ya ja a kowane mataki, da yawan tsakuwar da ta shiga. Idan wutar ba ta tashi ba, tsakuwar ba ta daku ba. Idan wani mataki ya ci tsakuwa kaɗan, ginshiƙin ya tsuke a nan ko laka ta yanke shi. Idan ya ci fiye da kima, an faɗa wuri mai rauni. Bayan haka ana zaɓar wasu a ɗora musu nauyin gwaji. Tsakuwa mai ƙura da yawa ko mai rugujewa tana toshe kanta, aikin magudana ya mutu.

Yadda ake zaɓa

Tambaya ta farko lokaci ce. Idan aikin yana da shekara guda ta jira, danni da magudana kusan kullum ya fi araha a fili mai faɗi, domin fallen roba ba shi da tsada, ƙasar danni kuma ana iya kwashe ta daga wani sashe zuwa na gaba, a ƙarshe ta shiga ciko. Idan kowane wata na jinkiri asara ce babba, kamar tashar jiragen ruwa da ke jiran kaya, kuɗin tsakuwa yana iya biyan kansa. Nisan wurin fasa dutse ma yana shiga lissafi. A gaɓar teku da mashigar koguna, inda laka ta fi yawa, a nan dutse ya fi nisa, kuma kuɗin jigila kan fi kuɗin dutsen.

Ta biyu ita ce lakar kanta. Magudana ba ta damu da raunin laka ba, kuma ana soka ta mita 30, har fiye. Ginshiƙai sun fi dacewa da zurfin da bai wuce mita 15 zuwa 20 ba, da lakar da ke da ɗan ƙarfi. Ƙasa mai ruɓaɓɓen ciyayi tana wahalar da duka biyun, domin tana ci gaba da sauka a hankali ko bayan ruwan ya gama fita. Magudana ba ta hanzarta wannan saukar. Abin da ke rage ta shi ne danni mai nauyi fiye da na ginin, a bar shi ya daɗe.

Ta uku ita ce irin kayan da wurin da yake. Danni ya dace da nauyin da ya bazu, yana kuma buƙatar fili a gefe domin gangaren tulin. Yana jan ƙasar maƙwabta tare da shi, saboda haka kusa da tsohon gini, bututun ruwa ko titin da ake faɗaɗawa sai an yi hattara. Ginshiƙai sun dace da ƙuntataccen wuri, da ƙarƙashin tankin mai, sito da ƙananan gine-gine, duk da cewa girgizar injin da turowar ƙasa suna iya taɓa ginin da ke dab. A yankin da ake girgizar ƙasa kuma suna da ƙarin amfani idan akwai sakakken yashi tare da lakar, domin suna matse shi.

Ta fuskar sakamako, danni da aka bari ya kammala yakan bar ragowar lotsawa ƙarama ƙwarai, kuma awon faranti yana tabbatar da hakan kafin a yi gini. Ginshiƙai suna ba da ƙarfi nan take, amma abin da ya rage na lotsawa yana zuwa ne bayan an ɗora kayan. Shi ya sa a manyan ayyuka ake haɗa su. A titin misali, tsari mai ma'ana shi ne magudana da danni a tsawon hanyar, inda fili yake da yawa kuma ana iya jira, sannan ginshiƙai a mitocin ƙarshe kafin gada da kewayen kwalbati, inda cikon ya fi tsayi kuma zamewa za ta iya ture turakun gadar. A tsakanin sassan biyu ana buɗe tazarar ginshiƙan a hankali domin kada a sami tsalle.

Duk wannan zaɓi ya rataya ne a kan binciken ƙasa: zurfin lakar, ƙarfinta a kowane mataki, saurin da ruwa ke ratsa ta, da abin da ke ƙarƙashinta. Inda binciken ya nuna laka mai zurfi da rauni, ga fili ga lokaci, danni da magudanan tsaye ne zaɓi. Inda lakar ke da matsakaicin zurfi da ɗan ƙarfi, lokaci ya ƙure kuma dutse yana kusa, ginshiƙan tsakuwa sun fi. Ginin da ba zai jure saukar ko da 'yan santimita ba kuwa, turakun kankare yake buƙata.